Yadda Ake Dubawar Ƙarshe Kafin a Wallafa Rubutu

Dubawar ƙarshe daban take da gyaran rubutu. Lokacin gyara ana sauya jimloli, a cire wannan sakin layi a ƙara wancan, amma idan an zo dubawar ƙarshe an riga an gama da wannan duka, abin da ya rage shi ne a tabbatar cewa abin da zai isa hannun mai karatu shi ne abin da marubuci yake zaton ya aika. Marubuci yana zaune gaban kwamfutarsa, ya shiga asusunsa, yana da salon haruffan da yake so, kuma ya san abin da yake nufi da kowace kalma. Mai karatu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na fita daga mazaunin marubuci a koma na baƙon da ya buɗe rubutun a wayarsa.

Domin bayanin ya zauna, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wata ƙungiya ta shirya taron bita kan kiwon kaji, an rubuta sanarwa mai ɗauke da ranar taro, da fom ɗin rajista, da takardar jadawali da aka ajiye a Google Drive, da lambar WhatsApp ta mai karɓar tambayoyi, da hoton fasta guda ɗaya. Da farko an sa taron ranar Asabar 12 ga Afrilu 2025, daga baya aka ɗaga shi da kwana ɗaya. Wannan ɗagawar ita ce za ta fi ba mu aiki.

Mataki na farko: a tsayar da alƙalami

Kafin komai, ka yanke cewa ba za ka sake taɓa jimlolin ba sai inda ka ga kuskure ƙarara. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin kurakuran da ke fita waje a gyaran minti na ƙarshe ake shigar da su, lokacin da mutum ya sauya rabin jimla ya manta da sauran rabin. Ka ajiye daftarin, ka tashi ka ba shi ko da rabin sa'a, sannan ka dawo ka buɗe shi ta maɓallin Preview, wato yadda zai fito ga jama'a, maimakon cikin akwatin da kake rubutu. Daga nan za ka karanta shi sau huɗu, kowane karatu da abu ɗaya tak da kake nema. Idon da ke neman abu huɗu a lokaci guda yakan tsallake ukunsu.

Mataki na biyu: mahaɗai

Kada ka gwada mahaɗi, wato adireshin da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, a burauzar da kake aiki da ita kullum. Ka buɗe tagar sirri, wadda a Chrome ake samu da Ctrl+Shift+N, domin a cikinta ba ka shiga asusunka ba, kana daidai da kowane baƙo. A nan ne ake kama kuskuren da ya fi kowanne yawa a sanarwa irin tamu. Takardar jadawalin da ke Google Drive za ta buɗe maka lafiya lau a burauzarka saboda kai ne mai ita, amma idan an bar izininta a kan Restricted, mai karatu zai tarar da saƙon da ke cewa sai ya nemi izini. Maganinsa shi ne a shiga Share, a mayar da izinin zuwa Anyone with the link, a bar matsayin a Viewer domin kada wani ya sauya abin da ke ciki. Alamar da ke nuna an yi wannan sakaci, idan har an riga an wallafa, ita ce imel ɗin neman izini da za su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Fom ɗin rajista ma yana da nasa tarkon. Google Forms yana da adireshi biyu: na mai tsara fom, wanda ke ƙarewa da /edit, da na mai cikewa, wanda ke ɗauke da /viewform ko kuma gajeren nan da ke farawa da forms.gle. Wanda ya kwafo adireshin daga saman burauza yana cikin tsara fom ɗin, na farkon ya kwafo, kuma ba zai yi wa jama'a amfani ba. Bayan ka tabbatar na biyun ne ka sa, ka cike fom ɗin da kanka sau ɗaya har ƙarshe, ka ga amsarka ta shiga, sannan ka goge ta. Ta haka za ka gane ko an rufe karɓar amsa, ko an taƙaita fom ɗin ga ma'aikatan wata ƙungiya kaɗai.

Sai mahaɗin WhatsApp. Tsarinsa shi ne lambar ƙasa, sannan lambar waya ba tare da sifilin farko ba, ba alamar tarawa, ba tazara:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Lambar Nijeriya 234 ce, ta Nijar 227, ta Gana 233. Idan aka bar sifilin da ke farkon lambar Nijeriya bayan 234, akwai yiwuwar mahaɗin ya ce lambar ba daidai ba ce. Ka latsa shi a waya ka ga sunan wanda ya fito, domin lamba ɗaya da ta sauya wuri za ta tura tambayoyin kiwon kaji ga mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sauran mahaɗan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana lura da abubuwa kaɗan. Idan ka ga 404, adireshin ba ya nan ko an yi kuskuren harafi. Idan 403 ce, adireshin yana nan amma an hana shiga. Ka duba cewa kowane adireshi ya fara da https:// domin idan babu shi, burauza takan ɗauka wani sashe ne na cikin shafinka, ta liƙa shi a bayan adireshinka, ta kai mutum inda babu komai. Ka duba ko aya ko waƙafin ƙarshen jimla bai shige cikin mahaɗin ba. Idan ka kwafo adireshi daga Facebook, za ka ga doguwar jela da ke farawa da ?fbclid= ko ?utm_source= wadda yawanci za a iya yanke ta ba tare da an ɓata komai ba, amma a sake gwadawa bayan yankewar. Haka nan, buɗewar mahaɗi ba ta isa hujja ba: ka karanta abin da ya buɗe, domin fom ɗin bara ma zai buɗe sumul.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne adireshin rubutun kansa. Haruffa masu lanƙwasa dole ne a cikin rubutu, amma a cikin adireshi na fi son a bar su, domin idan aka kwafa, ƙ takan koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, adireshin ya yi tsawo ya yi muni har mutane su yi shakkar latsa shi. A rubuta kiwon-kaji-afrilu-2025 da haruffa marasa lanƙwasa, kuma a gyara shi tun kafin wallafawa, domin sauya adireshi bayan ya bazu yana iya kashe wanda mutane suka riga suka tura wa juna.

Mataki na uku: tsarin rubutu da haruffa

Rubutun da aka kwafo daga Word yakan taho da kayan da ba a gani: wani salon harafi, wani girma, wata tazara. Alamarsa ita ce sakin layi ɗaya ya fi sauran girma ko ya sha bamban da su ba tare da dalili ba. Mafi sauƙi shi ne a sake liƙa shi da Ctrl+Shift+V, wanda ke kawo haruffa zalla, sannan a mayar da kanun sassa da hannu ta amfani da H2 da H3, wato matakan kanu da ke cikin akwatin rubutu, maimakon a kaurara layi a ce ya zama kanu.

Inda mai rubutun Hausa ya kamata ya daɗe shi ne kan ƙ da ɗ da ɓ da 'y. Matsalarsu iri uku ce, kuma kowacce da yadda ake gane ta. Ta farko ita ce mantuwa, inda aka rubuta k a gurbin ƙ. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kasa daban take da ƙasa, kafa daban da ƙafa, bari daban da ɓari. A sanarwarmu, jimlar da ke cewa «an kara kudin rajista» mai karatu zai gane ta, amma zai gane kuma cewa ba a duba ba. Hanyar kamawa ita ce Ctrl+F: ka nemi kara, kudi, daya, daki, karshe, bangare, kasa, ka duba kowane wurin da suka fito. Na'ura tana ɗaukar k da ƙ a matsayin haruffa biyu mabambanta, saboda haka neman kudi zai nuna maka wuraren da aka yi mantuwar kaɗai, wanda shi ne ake buƙata. Kada ka yi amfani da Replace All a kan kalma irin kasa, domin wani wurin kasa ɗin ce daidai.

Ta biyu ita ce salon harafin da ba shi da waɗannan haruffa. A nan za ka ga ƙaramin akwati a gurbin ƙ, ko kuma harafin ya fito amma siffarsa ta bambanta da maƙwabtansa, ya fi su siranta ko tsawo, saboda na'urar ta aro shi daga wani salo. Wannan ya fi faruwa a kanu, inda ake son salo mai ado. Ka gwada da jimla ɗaya mai ɗauke da manya da ƙanana duka, kamar Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ Ƴ ƴ, a kanu da cikin rubutu da kuma inda aka kaurara. Noto Sans yana da su duka, idan ana neman mafita cikin gaggawa.

Ta uku ita ce rikicewar lambobin haruffa, inda ƙ take fitowa Æ™, alamar da ke cikin Juma'a kuma ta fito â€™. Wannan yana nufin an ajiye rubutun da tsarin lambobin haruffa na UTF-8 amma ana karanta shi da wani tsari na daban, kuma gyaransa a wurin ajiyewa ko saitin shafin yake. Bin haruffan ɗaya bayan ɗaya wahala ce kawai, za su sake dawowa.

Akwai kuma zancen daidaito. A Nijeriya an saba rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa. Duka biyun karɓaɓɓu ne, abin da ba ya kyau shi ne a gauraya su a rubutu ɗaya. Haka za a duba rabuwar kalmomi irin su za a, ba ta, ya ce, da rubutun kuɗi: idan an sa ₦5,000 a sama, kada a koma N5000 a ƙasa, kuma a tabbatar adadin bai sauya ba tsakanin rubutun da fasta.

Mataki na huɗu: ranaku da lokuta

A ganina wannan ne mataki mafi nauyi, domin kuskuren harafi kunya kawai yake jawowa, kuskuren rana kuwa yana sa mutum ya biya kuɗin mota ya tarar da ƙofa a rufe. Ka buɗe kalanda a gefe, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

A misalinmu an ɗaga taron daga 12 zuwa 13 ga Afrilu 2025. Abin da yakan faru shi ne mai gyara ya sauya 12 zuwa 13 ya bar kalmar Asabar a wurinta, sanarwa ta fita da «Asabar 13 ga Afrilu», alhali 13 ga Afrilu 2025 Lahadi ce. Rabin mutane za su bi sunan rana, rabi su bi lamba. Saboda haka duk inda sunan rana ya haɗu da kwanan wata, a gwada su da kalanda. Daga nan a nemi tsohuwar ranar da Ctrl+F, a nemi 12, a nemi Asabar, a bi duk maɓoyarta: kanu, da taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin kanu, da bayanin da ke saman fom ɗin rajista, da takardar jadawali, da saƙon godiya da fom yake nunawa bayan an cike. Fasta ita ce ta fi ha'inci, domin hoto ce, Ctrl+F ba ya karanta ta. Sai an buɗe ta an karanta da ido, kuma idan tsohuwar rana ce a kai sai an koma wurin wanda ya zana ta.

Kada a rubuta rana da lambobi zalla. 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, ranar Alhamis, amma a tsarin Amurka, wanda manhajoji da yawa suke zuwa da shi, 4 ga Maris ce, ranar Talata. A rubuta sunan watan a huta. Haka kalmomi irin su gobe, jibi, mako mai zuwa, bana da baɗi: daidai suke a ranar da aka rubuta su, amma sanarwa takan yi makonni tana yawo a WhatsApp, wanda ya same ta bayan kwana biyar zai lissafa goben daga ranarsa.

Idan za a haɗa da kwanan watan Musulunci, a yi hattara da inda aka samo shi. Kalandar waya yawanci lissafi take bi, sau da yawa na Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a Nijeriya ana bin sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, kuma wani lokacin akan sami bambancin kwana ɗaya. A 2025 an yi Ƙaramar Salla a Nijeriya ranar Lahadi 30 ga Maris, wato 1 ga Shawwal 1446, saboda haka 13 ga Afrilu ta zama 15 ga Shawwal. Da a ce taron yana cikin watan da bai kama ba tukuna, da sai a bar kwanan Hijira, ko a ce ya danganta da ganin wata. Wani abin lura kuma shi ne kalmar dare. A al'adarmu dare yana gaban yininsa, shi ya sa «daren Juma'a» ga mutane da yawa yake nufin daren da Alhamis ta wuce za a wayi gari Juma'a, wasu kuma su ɗauka bayan magaribar Juma'a ne. A rubuta «Alhamis da ƙarfe 8 na dare», ba mai ruɗewa.

Kowane lokaci ya zo da na safe, na rana, na yamma ko na dare. Idan za a watsa taron kai tsaye ga mutanen wasu ƙasashe, a faɗi agogon da ake nufi. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi agogonsu ɗaya. Gana tana bayansu da sa'a ɗaya, Sudan tana gaba da sa'a ɗaya, Saudiyya da sa'a biyu. Ƙarfe 10 na safe a Kano ƙarfe 9 ne a Kumasi, ƙarfe 12 a Makka. Wanda kuma zai saita rubutu ya fita da kansa a wani lokaci a WordPress, ya leƙa Settings, General, Timezone tukuna, domin sabon shafi yakan zo a kan UTC+0, agogon da ke bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya, abin da aka saita wa ƙarfe 7 sai ya fito ƙarfe 8 agogon Nijeriya. A zaɓi Lagos ko Niamey.

Mataki na biyar: gwaji a waya

Ana iya fara gwajin daga kwamfuta: a Chrome a latsa F12, sannan Ctrl+Shift+M, a sa faɗin ya zama fiksel 360, wanda ya yi daidai da wayoyin Android da yawa. Wannan yana nuna matsalar faɗi, amma ba ya nuna salon haruffan da ke cikin wayar gaske ko nauyin shafi a kan data. Don haka a nemi waya ta gaske, kuma zai fi kyau ta zama irin wadda masu karatu suka fi riƙewa, Tecno ko itel ko Infinix da ta ɗan kwana biyu, maimakon mafi tsada a ofis. A kashe Wi-Fi a kunna data.

Abin da za a fara lura da shi shi ne tsawon lokacin buɗewa. Idan rubutu ya fito amma hoto yana saukowa a hankali kamar ana jan labule, hoton ya yi nauyi. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait uku ko fiye, alhali in an rage faɗinsa zuwa wajen fiksel 1200 aka matse shi, zai iya komawa ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Bayan haka a ja shafin gefe da yatsa. Idan ya motsa hagu ko dama, akwai abin da ya fi fuskar wayar faɗi, kuma kusan kullum jadawali ne mai ginshiƙai da yawa ko dogon adireshi da aka liƙa tsirara. Jadawalin taronmu mai lokaci da darasi da mai gabatarwa da ɗaki ya fi dacewa a mayar da shi layi-layi, adireshin kuma a ɓoye shi ƙarƙashin kalmomi masu ma'ana kamar «fom ɗin rajista».

A duba kanu: wanda ya zauna a layi ɗaya a kwamfuta yana iya cin layi huɗu a waya ya tura ranar taron can ƙasa. Mai karatu ya kamata ya ga mene ne, yaushe, a ina, kafin ya ja shafin sau biyu. A duba fasta: idan sai an buɗa ta da yatsu biyu kafin a karanta wurin taro, to lallai bayanin ya kasance a rubuce a cikin sanarwar ma. A latsa kowane mahaɗi da babban yatsa, domin biyu da suke manne da juna sukan sa a latsa wanda ba a nufa ba. Idan akwai Opera Mini a wayar, a buɗe da ita ma, saboda yanayinta na tsimin data yakan sauya fasalin shafi.

Bayan an latsa Publish

Akwai gwaji ɗaya da ba ya yiwuwa sai rubutu ya fita. Ka kwafo adireshin na ainihi, ka tabbatar babu preview=true a jikinsa, ka buɗe shi a tagar sirri, sannan ka tura wa kanka a WhatsApp kafin ka tura wa kowa. Ɗan akwatin da ke fitowa da hoto da kanu da layi ɗaya ko biyu na bayani shi ne abin da mafi yawan mutane za su gani, wasu ma daga shi ba za su wuce ba. Idan tsohuwar ranar 12 ga Afrilu ce ta fito a ciki, ka gyara taƙaitaccen bayanin rubutun. Facebook yakan riƙe tsohon akwatin ko bayan an gyara, sai an sa adireshin a Sharing Debugger an latsa Scrape Again. Saƙon da aka riga aka tura a WhatsApp kuwa yana nan da akwatinsa na farko, gyaran da aka yi daga baya ba ya shafarsa, sai dai a goge shi a sake tura sabo.